Tambayi Likita: "Bincike ya nuna" ɗin nan, su wa aka tambaya?

Tambaya: Likita, an yi gwajin kyauta a garinmu, cikin mutum 500 an samu 200 da hawan jini. Yanzu ana ta yaɗawa a WhatsApp wai kashi 40 na mutanen garin suna da shi. Gaskiya ne? (Wani malamin makaranta daga Funtuwa)

Amsa: Malam, lissafin daidai ne, amma na waɗanda suka je wurin gwajin ne kawai, ba na gari ba. Ka tuna su wa ka gani a layi ranar. Dattawa, masu yawan ciwon kai, da waɗanda dama sun san suna da ciwon, maganinsu ya ƙare suka zo ko za a raba. Matashin da ke kan babur ɗinsa yana neman na cefane ba zai bar aiki ya zo ya tsaya a rana ba. Mu ƙaddara garin na da manya 10,000, kuma 2,000 ne masu hawan jini, wato kashi 20. In 200 cikinsu suka fito, sannan cikin sauran 8,000 ɗin mutum 300 kacal suka leƙo, to ga 500 ɗinka ga kashi 40, alhali gaskiyar rabin haka ce. Ballantana awo ɗaya bayan mutum ya sha tafiya ya sha tsayuwa ba ya tabbatar da hawan jini, mu a asibiti sai mun maimaita a wata rana daban.

Tambaya: Da ana cewa HIV ta haura kashi 5 a Najeriya, yanzu kuma wai ba ta kai kashi 2 ba. Ƙarya aka yi mana da, ko yanzu ake yi? (Wata ma'aikaciyar jinya daga Kano)

Amsa: 'Yar'uwa, ba wanda ya yi ƙarya, mutanen da ake aunawa ne suka canza. A da, tun daga 1991, ana ɗaukar alƙaluman ne daga mata masu zuwa awon ciki a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, da su aka samu kashi 5.8 a 2001 da 4.1 a 2010. To ke ma kin san wa ke zuwa awo. Babu namiji ko ɗaya, babu tsohuwa, babu budurwar da ba ta san namiji ba, kuma duk mai ciki ai ta sadu da namiji ba kariya, ke nan dama suna cikin rukunin da ya fi fuskantar haɗarin. Ga shi asibitocin sun fi karkata birni, matar ƙauye da ba ta taɓa taka asibiti ba har ta haihu a ɗakinta, ba ta cikin lissafin sam.

A 2018 aka yi binciken HIV na ƙasa baki ɗaya da ake kira NAIIS, aka bi gida-gida, gidajen da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, aka gwada maza da mata, sai aka samu kashi 1.4 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu ɗaukar 5.8 su jera da 1.4 su ce duk saukar nan nasarar aiki ce. An yi aiki kam, amma ma'auni biyu ne daban, ba a jera su a layi ɗaya.

Tambaya: Ni ba a taɓa tambayata komai ba, ta yaya gida dubu arba'in zai wakilci mutum miliyan 200? (Wani ɗan kasuwa daga Gusau)

Amsa: Alhaji, in zan duba jininka sirinji ɗaya nake ɗiba, ya isa, don jini a gauraye yake. Jama'a ba a gauraye suke ba, shi ya sa ake gauraya su da ƙuri'a. Binciken lafiya na NDHS na 2018 gidaje wajen 42,000 ya ɗauka: an raba kowace jiha birni da karkara, an ciro unguwanni da ƙauyuka, an rubuta duk gidajen da ke cikinsu, sannan aka ciro gidajen da za a shiga. Mai tambaya ba shi da ikon tsallake gidan da aka ba shi ya shiga na bakin titi don ya fi sauƙi. In aka yi haka, 42,000 ya fi amsar mutum miliyan ɗaya a Facebook, don can masu waya da data ne kawai, cikinsu ma waɗanda abin ya dama.

Amma shi ma ka duba rahotonsa. A Borno akwai ƙananan hukumomin da ba a shiga ba saboda rashin tsaro, to lambar jihar ta inda aka iya zuwa ce, kuma inda ba a iya zuwa ɗin nan ne allurar rigakafi ma ba ta isa. Sannan an tsara shi ya ba da lambar ƙasa da ta jiha ne, in wani ya ce maka ya ciro ta ƙaramar hukumarku daga ciki, tambaye shi gida nawa aka shiga a can.