Haɗa adireshi a layi ɗaya da TEXTJOIN

Oga, adireshin kwastomomi na rarrabe a Excel, daga A zuwa D, lambar gida, layi, unguwa, gari, wasu gidajen, wato cells, babu komai. Na haɗa da alamar & sai waƙafi ya riƙa fitowa biyu-biyu, ya zan yi?

To ɗana ajiye wannan & ɗin, shi bai san gida cike ko fanko ba, duk inda ka sa masa waƙafi sai ya buga. TEXTJOIN za ka yi amfani da shi. Shiga E2 ka rubuta:

```
=TEXTJOIN(", ",TRUE,A2:D2)
```

Na farkon shi ne abin da zai raba tsakanin kalmomin, ka lura da kyau akwai ɗan sarari bayan waƙafin kafin a rufe alamar, in ka manta shi rubutun zai fito a cunkushe kuma in an buga a takarda ba kyan gani. TRUE ɗin kuwa shi ne ke ce masa duk gidan da ba komai ya tsallake. A2:D2 su ne gidajen da za a kwaso.

Ka ce A2 Lamba 12 ne, B2 fanko saboda mutumin bai faɗi layinsu ba, C2 Fagge, D2 Kano. Zai ba ka Lamba 12, Fagge, Kano. Canza TRUE zuwa FALSE ka gani da idonka, sai ya dawo Lamba 12, , Fagge, Kano, wato matsalarka ta ɗazu. In ya yi daidai sai ka ja fomular ƙasa.

Amma ga inda aikin ke lalacewa, wata rana za ka sa TRUE kuma waƙafin ya ƙi tafiya, to gidan ba fanko ba ne, wani ne ya danna sarari a ciki da zai goge abu, ido ba ya gani amma Excel na lissafa shi rubutu. Ka gwada da wannan:

```
=LEN(B2)
```

In ya nuna 0 lafiya lau, in ya nuna 1 ka kama mai laifi. Ko ka goge shi da Delete, ko in suna da yawa ka bari TRIM ya share su:

```
=TEXTJOIN(", ",TRUE,TRIM(A2:D2))
```

A Excel 2019 wannan mai TRIM ɗin sai ka rufe ta da Ctrl+Shift+Enter, a 365 Enter kawai ya isa.

In ka ga #NAME? duba ko ka rubuta sunan daidai, in daidai ne to Excel ɗin ne tsoho, irin 2013 ko 2010 ba su san TEXTJOIN ba. Shi ya sa kafin ka tura wa kwastoma fayil ka kwafe E gaba ɗaya ka yi Paste Special ka zaɓi Values, don ba ka san wane Excel ne a kwamfutarsa ba.