Kaset ɗin biki da haƙoran zarto a hoto

Tambaya: Malam, ina da shago a Garwa, ina juye tsofaffin kaset ɗin biki zuwa filashi, jaka uku kowane kaset. Ƙanena ke yin aikin. Mutum bakwai sun dawo, wai in amarya ta motsa hannu sai gefensa ya yi zane-zane kamar haƙoran zarto. In sayi sabuwar kwamfuta? Ina so in kai kaset ɗari a wata.

Amsa: Alhaji, ajiye maganar kwamfuta, ajiye ta kaset ɗari. Na tabbata ƙanenka yana ɗauka, ya ƙara girman hoton zuwa 1080, ya matse shi MP4, ya goge na asali, kai kuma ba ka taɓa zama ka duba ba. Nan kuɗinka ke zuba.

Kaset ɗin VHS na ƙasashenmu yana ba da rabin hoto sau 50 a daƙiƙa. A layuka 576, rabi ɗaya ya ɗauki layi na 1, 3, 5, ɗayan ya ɗauki na 2, 4, 6, kuma ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba. Tsohuwar talabijin bi da bi take nuna su. Waya kuwa haɗa su take yi, shi ya sa duk abin da ya motsa yake fitar da haƙora. Gyaran yana yiwuwa ne muddin layukan suna inda suke. Da zarar an ƙara girma sun cakuɗe, babu manhajar da za ta raba su da kyau, sai dai a koma kan kaset.

Yi lissafi. Kaset E-180 awa uku ne, ba ya juyuwa da sauri. Bakwai ɗin nan awa 21 ke nan na wuta da aikin banza, in ma masu su ba su tafi da kaset ɗinsu Marwa ko Ngaundere ba.

A ɗauka a 720x576, a ajiye yadda ya fito. In an ajiye shi a DV, tsarin bidiyo da ke barin layukan inda suke, yana cin kusan giga 13 a awa, wato 39 a kaset. Daga shi a fitar da na mai kaya da manhajar ffmpeg:

```
ffmpeg -i asali.avi -vf "bwdif=mode=send_field,scale=768:576,setsar=1" -c:v libx264 -crf 18 -pix_fmt yuv420p -c:a aac biki.mp4
```

Wannan zai mayar da kowane rabi cikakken hoto, 50 a daƙiƙa. In aka bar shi 25, rawa za ta riƙa tsalle-tsalle. In ka ga motsi yana gaba yana baya, an juya jerin rabin ne, a ƙara `:parity=bff` bayan `send_field`, ko `:parity=tff`. DV da rabin ƙasa yake farawa, wato `bff`.

Kai da kanka ka kalli minti biyu na wurin rawa a waya kafin kowane filashi ya fita. Na asali ya yi wata ɗaya a hard disk ɗinka, ka rubuta sunansa da kwanan wata a littafi, kuɗin ajiyar kuma ka sa shi cikin farashi.