An cire mini kuɗi ta kati, me zan rubuta wa banki?

"Jama'a, na tashi na ga alat an cire mini dubu 38 ta katina, kuma ban sayi komai ba. Na je banki sun ce in rubuto takarda. Me zan sa a ciki?"

Allah sarki ɗan'uwa, Allah Ya mayar da alheri. Ni ma abin da ya same ni ke nan a nan Gombe, dubu 45 cikin dare, a cira uku, kuɗin da na ajiye na makarantar yara. Fara rufe katin tukuna, yanzu, kafin maganar takarda.

Da na je, yarinyar da ke teburin ƙorafi ko ɗago kai ba ta yi ba, wai "Baba, ka tambayi iyalinka a gida." Iyalina! A gaban layi guda na mutane, har da maƙwabcina na Jekadafari. Matar da ko lambar sirrin katin ba ta sani ba. Wallahi maganar nan ta fi kuɗin yi mini ciwo, har yau idan na bi ta ƙofar wurin sai raina ya ɓaci.

To, takardar. Ka sa su buga maka sitatimen, don alat ba ya nuna komai sosai. Kowane cira ka ba shi layinsa: rana, lokaci, adadin kuɗi daidai har kwabo, sunan inda kuɗin ya tafi yadda yake a rubuce, da lambar cinikin, wadda suke sa wa RRN. Ka duba ko an rubuta WEB ko POS ko ATM. Nawa WEB ne, wato a intanet aka yi sayayya da lambobin katin, shi ya sa na rubuta ƙarara cewa katin yana aljihuna a daren. Idan POS ne ko ATM, sai sun matsa maka da tambayar wa ya riƙe katin, wa ya san lambar sirri.

Ka sa sunanka, lambar asusu, da lambobi huɗu na ƙarshen katin kawai. Kada ka rubuta lambar sirri ko ukun nan na bayan kati. Ka faɗa a fili ba kai ka yi ba, ba ka ba kowa izini ba, kana neman a mayar maka da kuɗinka. Maganar OTP kuma ka faɗi gaskiya, ya shigo wayarka ko bai shigo ba, don suna gani a wajensu.

Kuma don Allah ku daina miƙa wa masu POS kati suna juya shi a hannu, ni dai nan nake zargi.

Ka yi kwafi biyu, su buga maka hatimi da kwanan wata a naka, su ba ka lambar ƙorafi. Idan mako biyu ya cika ba su warware ba, ka tura wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya ta cpd@cbn.gov.ng, haɗe da hoton kwafin mai hatimi. Kada ka bari a yi ta ce maka "dawo gobe", neman dawo da kuɗin kati yana da wa'adi.