Haruffa uku su rubuta miki adireshin shago da lambar asusu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, yawancin cinikina kuma ta WhatsApp ne. Kullum sai na yi ta rubuta kwatancen shago da lambar asusu har yatsuna su gaji, ran nan ma na yi kuskuren lamba ɗaya. Akwai dabara? Wayata Tecno ce.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai, kuma tana cikin wayarki, ba sai kin biya ko sisi ba. Za ki koya wa allon rubutun wayar cewa duk lokacin da kika buga wasu 'yan haruffa, ya kawo miki cikakkiyar jimla.

Fara duba ko Gboard, wato allon rubutu na Google, kike amfani da shi. In ba shi ba ne, ki sauke shi daga Play Store. Ki buɗe saitinsa, ki shiga Dictionary, sannan Personal dictionary, ki zaɓi All languages, ki taɓa alamar +. A layin sama za ki rubuta cikakken bayanin, a na ƙasa kuma gajerun haruffan. Zaɓen All languages ɗin nan ba ado ba ne: in kika ajiye a ƙarƙashin Turanci kaɗai, ranar da kika juya allon zuwa Hausa ba za ki ga komai ba, ki ɗauka abin ya lalace. Mai iPhone zai bi Settings, General, Keyboard, Text Replacement. A Samsung kuma sunansa Text shortcuts, cikin saitin Samsung Keyboard.

Misali, a sama ki rubuta: "Kantin Kwari, Kano, gida kaza, bene na ɗaya, shago mai lamba kaza. In kin iso ƙofar gidan ki kira ni." A ƙasa ki sa `shg`. Daga nan in kin buga `shg`, jimlar za ta bayyana a layin da ke saman haruffa, ki taɓa ta ta shiga saƙo. Idan ba ta fito ba, galibi layin ne a kashe. Ki kunna Show suggestion strip a ƙarƙashin Text correction.

Kada ki zaɓi haruffan da kalma ce ta gaske. A iPhone musamman, da zarar an ba da tazara wayar take sauyawa da kanta, don haka wanda ya sa `ina` a matsayin gajeren adireshinsa, zai je rubuta "ina kwana" ya tura wa surukinsa kwatancen shago. Irin su `shg` ko `asb` ba sa karo da Hausa.

Yanzu ga inda kuɗi yake, wato lambar asusu. Wayar ba ta san daidai ba, ba ta san kuskure ba. Abin da kika ba ta shi za ta maimaita. Da can kuskurenki kan mutum ɗaya yake faɗawa, amma in ya shiga nan, duk wanda ya nemi asusu a ranar zai same shi. Saboda haka ki kwafo lambar daga manhajar bankinki, kada ki rubuta da ka. Ki ƙirga ki ga lambobi 10 ne cif, ki haɗa da sunan banki da sunan da ke kan asusun a jimla ɗaya, ki ƙara da "Ki tabbata wannan sunan ya fito kafin ki tura." Sannan ki aika wa wata 'yar'uwarki saƙon, ta kwafa daga ciki ta turo miki naira 100. In kuɗin ya shigo, kin gama. Ranar da kika sauya banki ko shago kuma, wannan ne abu na farko da za ki gyara.

Farashi dai kada ki ajiye shi a nan. Turmin atamfa da kika sa wa kuɗi yau, wani makon ya tashi, ke kuma hannu ya saba da taɓawa ba karantawa. In saƙo ya tafi da tsohon farashi, ko ki yi asara ko ki yi rigima da mai saye. Lambar sirrin katin banki da BVN kuwa ko kusa, domin yaran shago ma suna riƙe wayar.

Dogon bayani mai layi-layi, kamar ƙa'idar aika kaya ta tasha da wanda zai biya kuɗin mota, bai dace da Gboard ba, don layi ɗaya yake ɗauka. Wannan ki kai shi WhatsApp Business, cikin Business tools, wurin Quick replies. A can za ki iya ajiye har guda 50, kuma da kin buga `/` jerinsu zai fito. Sai dai a cikin WhatsApp kawai suke aiki, na Gboard kuwa suna binki har saƙon tes da Instagram. Ni dai da zan tsara miki, adireshi da asusu a Gboard, sauran a WhatsApp Business. Kafin ki sauya waya kuma, ki koma Personal dictionary, ki taɓa ɗigo ukun da ke sama, ki zaɓi Export, ki adana fayil ɗin don ki ɗora a sabuwar.