Mai ya ƙare a sama, alhali mutum uku na kallon ma'auni

Tambaya: Ranka ya daɗe Kyaftin, a aji an gaya mana kusan kashi 70 cikin 100 na haɗurran jirgin sama kuskuren mutane ne ke jawo su, ba lalacewar inji ba. To ni da zan zauna a kujerar dama, ta mataimakin matuƙi, kusa da kyaftin mai shekara talatin yana tuƙi, wane amfani darasin CRM, wato horon yadda matuƙa ke aiki tare, zai yi mini? Idan na ga ya kauce, me zan yi a aikace?

Amsa: Ɗana, wannan adadin da ka ji yana da tushe. Binciken da aka yi a kan haɗurran shekarun 1970, musamman na hukumar NASA, ya nuna yawancinsu sun faru da jirage masu iya tashi da matuƙa masu lasisi da ƙwarewa. Abin da ya lalace shi ne magana tsakaninsu, da rabon aiki, da yanke shawara. Amma adadi ba zai koya maka abin da za ka faɗa ba, don haka bari mu bi jirgi guda ɗaya minti bayan minti.

Ranar 28 ga Disamba 1978, jirgin kamfanin United mai lamba 173, ƙirar DC-8 mai inji huɗu, ya taso daga Denver zuwa Portland a Amurka da mutum 189. Mutum uku ne a ɗakin tuƙi. Kyaftin yana da awa sama da 27,000 a sama, mataimakinsa yana da kusan 5,000, sai injiniyan jirgi wanda ke zaune bayansu, ma'aunan mai na gabansa. Wajen ƙarfe 5:10 na yamma, da suka saki tayoyin sauka, sai suka ji wata ƙara mai ƙarfi, jirgin ya ɗan karkata. Wani ƙarfe da tsatsa ta ci ne ya tsinke, tayar dama ta faɗo da ƙarfi ta lalata makunnin da ke kunna koriyar fitilar da ke nuna taya ta kulle. Tayar ta sauka kuma ta kulle, fitilar ce kawai ba ta kama ba.

Kyaftin ya fasa sauka ya nemi izinin kewayawa a tsayin ƙafa 5,000 don su duba. Wannan shawara daidai ce, kowa ma haka zai yi. Injiniya ya je ya haska tocila a kan fikafikai, inda akwai alamun da ke nuna taya ta kulle, ya ga sun nuna. Aka kira masu gyara na kamfani ta rediyo, aka sa ma'aikatan cikin jirgi su shirya fasinjoji ko da tayar za ta karye a ƙasa. Duk ayyuka ne masu kyau, sai dai kowanne na cin lokaci, kuma ba wanda aka ɗora wa riƙe agogo.

Yanzu ka lura da lissafin, domin nan ne zuciyar maganar. Lokacin da suka fara kewayawa suna da mai kimanin laba 13,000. Jirgi mai tayoyi a waje, filaf ɗin bayan fikafikansa a sauke, yana tafiya ƙasa-ƙasa, shan mansa ya fi na tafiya a can sama nesa ba kusa ba. DC-8 ɗin nan yana shan laba 220 a minti ɗaya, wato kilo 100. Raba 13,000 da 220, za ka sami awa ɗaya ba ƙari. Da wani ya yi wannan lissafin da 5:12 ya ce da babbar murya, "injunanmu za su mutu jim kaɗan bayan 6:10, don haka 5:40 za mu juya mu nufi fili ko an gama shiri ko ba a gama ba," da duk sauran ayyukan sun shiga cikin wannan iyaka.

Na'urar naɗar murya ta nuna abin da aka yi a maimakon haka. Wajen 5:47 mataimaki ya tambayi injiniya man da ya rage, aka ce masa laba 5,000. Minti biyu bayan haka ya sake tambayar kyaftin kansa, kyaftin ya ce biyar. Laba 5,000 minti 23 ne kacal, amma ba wanda ya furta shi a matsayin minti. Da 5:50 kyaftin ya ce a lissafa masa nauyin sauka nan da minti 15, yana zaton za a rage da laba 3,000 zuwa 4,000. Injiniya ya ce ba zai isa ba, minti 15 zai sa mansu ya yi ƙasa sosai. Gaskiya ya faɗa, kyaftin bai sauya shiri ba, shi kuma bai maimaita ba. Wajen 5:57 aka sake tambaya, aka ce 4,000. Jim kaɗan bayan 6:00 injiniya ya ce 3,000 ne, shi ke nan. Da 6:06 injin farko ya fara mutuwa, suna nesa da fili fiye da mil 15. Mataimaki ya ce za su rasa inji, kyaftin ya tambaye shi dalili, ya ce mai. Wajen 6:15 jirgin ya faɗi cikin wata unguwa mai bishiyoyi, kimanin mil 6 daga filin. Mutum 10 suka rasu, har da injiniyan.

Wannan tambayar ta "dalili" ita ce ke nuna maka inda hankalin kyaftin yake. Ba jahili ba ne, ba kuma mai sakaci ba. Hankalinsa ya tattara kacokan a kan taya da tsoron gobara idan ta karye, kuma mutum in ya shiga wannan hali lokaci na gudu ba ya ji, minti 40 sai ya zame masa kamar 15. Kunnensa na jin "dubu biyar", amma ƙwaƙwalwarsa ba ta da sararin mayar da shi minti. Shekara shida kafin nan, a Disamba 1972, jirgin kamfanin Eastern mai lamba 401 ya faɗi cikin fadamar Everglades kusa da Miami saboda dukan matuƙan sun duƙufa kan ƙwan fitilar taya da ya ƙone, ba wanda ya lura jirgin na gangarawa. Mutum 101 suka mutu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ɗora haɗarin Portland a kan gazawar kyaftin wajen bin diddigin mai, ta kuma ce sauran biyun ko dai ba su gane girman matsalar ba, ko sun kasa isar masa da damuwarsu. NASA ta yi taro a kan batun a 1979, United ta fara cikakken horon CRM a 1981.

To ga abin da za ka yi daga kujerar dama. Da zarar matsala ta taso, abin farko shi ne a tabbatar wa ke tuƙi, a faɗe shi a fili. Mutum ɗaya ya riƙe jirgi, ya kula da tsayi da gudu da hanya, ɗayan ya karanta takardar matakan gyara. Sau da yawa kyaftin nagari yakan miƙa maka tuƙin don kansa ya sami sararin tunani. Idan bai raba aikin ba, ka tambaye shi kai tsaye, "Kyaftin, ni ke tuƙi ko kai?" Na biyu, kafin a buɗe takardar, a duba mai a mayar da shi lokaci. Dokar yau ta ce jirgi mai injin jet ya sauka da ajiyar ƙarshe ta minti 30 a tanki, wadda ba a taɓawa. Ka cire wannan ajiya, ka cire man da zai kai ku fili ku sauka, ka ƙara na sake zagayowa sau ɗaya idan saukar farko ba ta yiwu ba. Abin da ya rage shi ne lokacin da kuke da shi na bincike. Ka rubuta ƙarfen a takarda, ka faɗa wa kyaftin, ka ji ya maimaita.

Idan lokacin ya matso shi kuma bai motsa ba, tambaya irin ta "nawa ya rage?" ba ta da amfani, don ana iya amsa ta da lamba a wuce. Ka kira shi da muƙaminsa ko sunansa har ya juyo. Ka faɗi cewa ka damu, ka faɗi matsalar da lamba da minti, ka kawo mafita, sannan ka nemi amsa. A Portland da 5:47 maganar za ta kasance haka: "Kyaftin, ina cikin damuwa. Laba 5,000 gare mu, muna shan 220 a minti, saura minti 23 injuna su mutu. Mu juya mu nufi fili yanzu, a ƙarasa shirin fasinjoji a hanya. Ka yarda?" Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ke hana maganar bin iska, domin dole ya ce e ko a'a. In ya ce a'a ya kawo dalili, ka saurara da gaske, wataƙila ya san abin da ba ka sani ba. In ya yi shiru ko ya amsa da zancen taya, ka sake faɗa da murya mai ƙarfi da gajeren zance: "Kyaftin, mai zai ƙare, dole mu sauka yanzu."

Na san abin da ke maka nauyi. An raine mu kan cewa yaro ba ya katse babba, ba ya gyara masa zance a gaban mutane, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a ɗakin tuƙi, kamfani ya zaunar da kai a wurin ne don ka ga abin da idonsa ya tsallake. Ka riƙe ladabinka a cikin lafazi, kada ka bari ya rage ko kalma ɗaya daga cikin gaskiyar. Kewaye-kewaye irin na "ko za a ɗan duba mai?" yana sa mai faɗa ya ji ya sauke nauyi, alhali mai ji bai ji komai ba.

Karɓe tuƙi daga hannun kyaftin mataki ne na ƙarshe, kuma yana da nasa haɗari, domin mutum biyu na jan sitiyari kusa da ƙasa sun fi kuskuren ɗaya muni. Kamfanoni da yawa suna da ƙa'idar kira biyu: idan ka kira shi sau biyu a kan abin da zai halaka jirgi bai amsa ba, ka ɗauka ya fita hayyacinsa, ka sanar da shi a fili cewa ka karɓi tuƙi, sannan ka karɓa. Ka karanta yadda littafin aikin kamfaninku ya rubuta wannan ƙa'ida, don sukan bambanta. Kafin a kai nan akwai rediyo. Matuƙan jirgin da ya faɗi a Portland sun gaya wa masu kula da zirga-zirgar jirage yawan mansu, amma ba su yi kiran gaggawa ba sai da injuna suka mutu duka, wajen 6:13. A tsarin yau, idan lissafinka ya nuna duk wani ƙarin jinkiri zai sa ku taɓa ajiyar minti 30, ka sanar da masu kula cewa manku ya kai mafi ƙaranci. Idan kuwa ya nuna ko filin da ya fi kusa kuka nufa za ku sauka da ƙasa da wannan ajiya, sai kiran gaggawa na Meide sau uku tare da ambaton mai, nan take za a ba ku gaba a kan sauran jirage.