Waiwaye a Labari: Yadda Mai Karatu Ba Zai Ɓace Ba

"Malam, littafin nan nawa yana kai-kawo tsakanin 2013 da 1991 da 2001. Mutum uku na ba su karanta, duk sun ce sun ɓace tun babi na huɗu, ɗaya ma ta ɗauka uwar da 'yar mutum ɗaya ne. In miƙe labarin daga farko zuwa ƙarshe ne, ko akwai gyara?"

Kada ki miƙe shi, 'yata. Na karanta babi shidan da kika aiko, kuma buɗewar da kika yi da fasa auren Zainab ana saura kwana tara biki ita ce ƙarfin littafin. Wanda ya ga an mayar da akwatunan lefe dole ya so jin dalili. Inda aka samu matsala shi ne ke kanki ba ki gama sanin labarin a miƙe ba kafin ki karkasa shi.

Ki samu takarda doguwa ki ja layi, ki jera shekaru daga haihuwar uwar har ranar da aka fasa auren. Kowace shekara ki rubuta shekarun kowa, garin da yake, da abin da ya sani. Na gwada da naki. Kin ce an aurar da Hajara tana da shekara 17 a 1991, ke nan 1974 aka haife ta. Ta haifi Zainab a 1992, don haka Zainab tana da 9 a 2001 lokacin da uban ya bar gida, tana da 21 a 2013, uwar kuma 39. Amma a babi na biyar kin sa Hajara tana dogara sanda tana cewa ta ga jiya ta ga yau kamar 'yar saba'in, a babi na uku kuma Zainab ta 2001 tana goye a baya. Mai karatu ba ya zama da alƙalami yana lissafi, amma jikinsa yana ba shi cewa wani abu bai zauna ba, daga nan sai ya daina yarda da ke. Takardar nan ba za ta shiga littafi ba. A bango za ki manna ta, ki riƙa dubawa kafin kowane babi.

Sai abin da ya fi cin marubutanmu, wanda yake cikin harshen kansa. Idan kika rubuta "ta tashi, ta ɗauki mayafi, ta fita", kunnen Bahaushe yana jin abubuwa ne a jere, wannan na bin wancan. "Ta fita" ba ya faɗa miki ko ɗazu ne ko shekara ashirin da suka wuce. To ke kin rufe babi na uku da Zainab tana kuka a ɗaki, kika buɗe na huɗu da "Ta share hawayenta ta nufi rijiya." A ranki Hajara ce a Haɗeja a 1991. Mai karatu kuwa Zainab yake gani ta miƙe daga kan gado. Ga inda ɗaya daga cikin ukun da kika ba littafin ta haɗe su wuri guda, kuma ba laifinta ba ne. Duk inda kika tsallaka, layi biyun farko su faɗi wace ce, ina take, yaushe ne. Kada ki buɗe da "ta". Ki sa suna.

Kuma sunan ma kayan aiki ne da Allah ya ba mu a sauƙaƙe, don mace a ƙasar Hausa sunanta yana girma tare da ita. A 1991 ki bar mutanen gidan miji su kira ta Amarya. A 2001 maƙwabta suna ce mata Maman Zainab. A 2013 ta zama Hajiya, 'ya'yanta suna ce mata Umma. In kin riƙe wannan ba ki saki ba, da an yi sallama an kira ta, mai karatu ya san zamanin da yake ciki ko bai duba kan babi ba.

Rubuta shekara a saman babi yana da kyau, ki yi. Sai dai ido yana tsallake shi, wadda kuma ake karanta wa a tsakar gida ko take saurare a rediyo ba ta gan shi ba sam. Abin da ke zama a ƙwaƙwalwa shi ne abin da jiki ya ji. Nan ne nake so ki dakata ki yi aiki sosai, don labarinki sau uku yana faɗawa cikin azumi, kuma duka ukun kin rubuta su da sanyin asuba iri ɗaya. Azumi yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. Na 1991 ya kama daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da ake jiƙa zani a lulluɓa, ruwan randa ya fi nama daraja. Na 2001 ya faɗo Nuwamba zuwa Disamba, hunturu, ana hura wuta da sahur, leɓe yana tsagewa. Na 2013 kuma Yuli zuwa Agusta ne, damina, ana gudun ruwa da kwanon buɗa-baki. Kin ga zamani uku, yanayi uku, ba ki ƙirƙiri komai ba. Ki ba kowanne nasa: Amarya da zufa, Maman Zainab da ƙura, Hajiya da laima.

Haka kayan zamani. A azumin 1991 Haɗeja tana cikin jihar Kano, sai a watan Agusta aka yanke Jigawa, don haka kada kawunta ya ce "mu 'yan Jigawa". Wayar salula ta GSM ta shigo ne a 2001, layi yana da tsadar gaske, ba a hannun kowa take ba. In saƙo zai je Haɗeja a shekarar, direban mota za a ba wasiƙa. Kuma kin ɗora Zainab a kan acaɓa a cikin birnin Kano a daminar 2013, alhali tun Janairun shekarar aka hana. Ki sa ta a A Daidaita Sahu.

Game da lokacin komawa baya, kada ki yi irin wanda aka saba, a tsayar da labari cak a rubuta "Wace ce Hajara?" a kwararo shafi talatin tun daga kakanninta. Ki jira sai tambaya ta taso a zuciyar mai karatu. Lokacin da gwaggon ango ta dubi Hajiya ta ce "ke kin san abin da kika yi", nan ne ƙofar 1991 take buɗewa. Ki shiga, ki nuna abu ɗaya da ya amsa rabin tambayar, ki fito. Ta ƙofar da kika shiga kuma za ki fito: in kin bar Hajiya tana riƙe da makullin akwatin lefe, ki dawo ki same ta da makullin a hannu.

Abu biyu ki kiyaye. Kada ki yi waiwaye cikin waiwaye, kamar yadda Maman Zainab ta 2001 ta zauna tana tuna 1991 a babi na shida. Ciro shi ki ba shi babinsa. Sannan kowane zamani ya riƙa tafiya gaba a cikin kansa. In kin nuna daren kai amarya, komawa ta gaba ta zama bayan daren, ba ranar kai kuɗin gaisuwa ba.

In kin gyara, ki nemi wadda ba ta taɓa jin labarin ba ki karanta mata da baki, ba tare da faɗin shekarun da ke saman babi ba. Duk inda kika tsallaka, bayan layi uku ki tsaya ki tambaye ta: wa muke tare da ita, shekarunta nawa, mijin yana gida ko ya tafi? Inda ta yi jim, ki sa alama da jan biro. Ki fara da babi na huɗu, ki turo mini shi kafin Juma'a.