Takardar hedimasta daban, saƙon tim lida daban

"Anti salam. Ina aikin kula da tsofaffi a Manchesta da bizar aiki, yarana biyu suna firamare. Baba ya rasu ban samu jana'iza ba, yanzu Yaya ya ce dole in zo sadakar arba'in da yaran, mu zauna sati 6 har bikin ƙanwarmu. Na rubuta saƙo ɗaya na tura wa hedimasta da tim lida ɗina a WhatsApp da imel. Hedimasta ta ƙi, tim lida ko amsa bai yi ba. Wani ejan ya ce zai samo min takardar likita. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri.

Ƙanwata, mutanen nan biyu ba abu ɗaya ke hannunsu ba shi ya sa. Hedimasta a Ingila doka ce ta ɗaure ta, ba ta da ikon ba yaro hutu ana tsakiyar zangon karatu sai da dalili na musamman, kuma duk abin da ta amince da shi sai ya shiga rajista. To ita roƙo ake yi mata a rubuce tun kafin a sayi tikiti, yawancin makarantu ma suna da fom a ofis, ki karɓa ki cike ki haɗa da wasiƙa. Ki fara da sunanta da muƙaminta, ki sa cikakken sunan kowane yaro da ajinsa, ranar tafiya da ranar da za su dawo aji, sannan ki ce kina neman izini, kar ki ce kina sanar da ita. Ki bayyana cewa kakansu ne ya rasu, ki yi mata bayanin arba'in a layi biyu don ba lallai ta san shi ba, ki faɗi dalilin da ba za a iya jira hutu ba, ki liƙa shaidar rasuwa. Ladabi ake so amma irin nasu, ba doguwar gaisuwarmu ta ya gida ya aiki ya gajiya ba.

Shi kuwa tim lida abin da ke kansa rota ne kawai, wa zai tsaya a shif ɗin Talata da dare. In kika tura masa shafi guda na tarihin gidanku zai ce sai anjima ya karanta, shi ke nan ya manta. Ki kira sunansa yadda kuka saba, ki ce mahaifina ya rasu, ina neman hutu daga ranar kaza zuwa kaza, shif huɗu ya shafa, na yi magana da wance za ta karɓi biyu, na saka a manhajar hutu. Layi huɗu ya isa, kuma ba sai kin yi ta ba da haƙuri kamar mai laifi ba. Amma fa kar ki yarda da "ba komai je ki" na baki, ki sa amincewar ta zo a imel, saboda ke biza ce ta riƙe ki.

Ga lissafin sati 6 ɗin nan. Tun Agustan 2024, yaro ya yi fashin kwana 5 ba izini cikin sati 10 na karatu ana iya cin tara, fam 80 kan kowane mahaifi a kan kowane yaro, in an wuce kwana 21 ba a biya ba ya koma 160. Ke da maigida da yara biyu fam 320 ke nan, ko 640. Tarar ma da sauƙi, in yaro ya kai kwana 20 na makaranta a jere ba izini ana iya cire sunansa daga rajista, sati 6 kuwa kwana 30 ne. Ɓangaren aiki kuma, hutun da ba albashi in ya wuce sati 4 a shekara yana iya sa kamfani ya daina ɗaukar nauyin bizarki, in kuma kika wuce kwana 10 na aiki a jere ba izini dole su kai rahoto ma'aikatar cikin gida.

Ejan ɗin nan wallahi ki toshe lambarsa. Na ga wata baiwar Allah da ta biya aka yi mata takardar bogi wai ɗanta ba lafiya, yaron ya dawo yana ba malamarsa labarin jirgi da biki, daga nan ko zazzaɓin gaske ya yi sai an nemi shaida. A wajen aiki kuwa takardar ƙarya dalilin kora ne, kora kuma biza ce ta tafi.

Maganar Yaya, gaskiya ban goyi bayansa ba. Zumunci wajibi ne amma ba a tilasta wa mace ta jefa abincin 'ya'yanta a rijiya don kar dangi su yi surutu, kuma da albashin nan ne ake sayen maganin Hajiya. Addu'a tana isa ga mamaci daga ko'ina. Ki kira shi da ladabi ki karanta masa lissafin nan, ki ce Yaya kwana 10 zan iya, daga hutuna na shekara, bikin kuma zan turo gudummawa. In son samu ne ki bar yaran wajen babansu ki je ke kaɗai. In kuma dole sai da su, ki sake rubuta wa hedimasta sabuwar wasiƙa ki nemi kwana 4 a jingine da ƙarshen mako, kar ki biya kuɗin jirgi sai amsarta ta zo.